Takardar barin aiki a jakar Hajiya

Ina yanka albasa a kicin ɗin Goggo a unguwar Mount Hope, safiyar wata Laraba a tsakiyar Agusta, wayata ta yi ƙara. Da na ga lambar Jamus ce, kuma ta ofishin shugabar gidan tsofaffin da nake aiki, sai na ajiye wuƙar. Matar nan ba ta kiran wanda yake hutu.

Ni nas ce. Bayan sakandare na yi shekara uku ina koyon jinyar tsofaffi, na yi wasu shekarun ina aiki a wani gida a ƙaramin gari kusa da Hamburg. Hutu na zo yi wajen Goggo, ƙanwar mahaifina, a wata ƙasa can ƙetaren teku. Ina nan saƙo ya iske ni cewa an ba ni gurbin karatun digiri a fannin jinya, za a fara a Oktoba. Don murna ranar Litinin na rubuta takardar barin aiki, na sa hannu, na ɗauki hotonta, na tura ta imel. A ganina na gama.

Shugabar ta fara da taya ni murna, sannan ta ce sai yau ta ga saƙona, ba ta nan kwana biyu.

"Amma wannan hoto ne," in ji ta. "A dokar ƙasar nan ba a barin aiki da imel ko faks. Takardar kanta nake buƙata a hannuna, da sa hannunki na biro."

Ta tuna min abin da ke cikin yarjejeniyar aikina: ana fita ne a ƙarshen kowane wata uku, da sanarwar mako shida. In ina son fita ƙarshen Satumba, dole takardar ta shiga ofishinta ranar Juma'a, kuma ranar isowa ake dubawa, ba ranar aikawa ba. In ta wuce, ni tasu ce har ƙarshen Disamba. Na tambaye ta ko za a iya sallamata bisa yardar juna. Ta ce masu gidan ne ke yanke wannan, kuma da ƙarancin ma'aikatan da muke fama da shi, kada in dogara da hakan.

Na ajiye wayar na zauna a ƙasa. Aikinmu na karɓa-karɓa ne, safe da yamma da dare. Ba a haɗa shi da aji. Gurbin nan zai tafi ke nan.

Goggo, wadda ita ma kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ta tsaya a kaina riƙe da ludayi.

"Mu nan in za ka tafi, cewa kake yi nan da mako biyu na tafi. Wani ma waya kawai yake kashewa. Su wane irin mutane ne?"

"Goggo, takarda suke so."

"To a ba su takarda mana. Tashi, albasar ma ta isa kuka."

Muka buga takardar kwafi biyu a wani shago a kan titin Fordham Road, muka shiga ofishin masu kai saƙon gaggawa. Mutumin ya duba kwamfuta ya ce wataƙila Juma'a, wataƙila Litinin, tunda ƙaramin gari ne. Na sa hannu a ɗaya na aika duk da haka. A bakin titi Goggo ta tsaya tana latsa waya. Ta ce ita tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa aika ko da yaji gida ba sai ta hannun mutum, ai ba a rasa matafiyi.

Kafin azahar ta samo mana. Wata Hajiya ce 'yar Zangon Kumasi, mazauniyar Hamburg, ta zo sunan jikarta a unguwar Morrisania, kuma da yamman nan jirginta zai tashi.

Mun same ta zaune a kan akwati, ana fama da zif. Na durƙusa na gaishe ta. Shugabar ta gaya min cewa mai kawo takardar ya ga abin da ke ciki kafin a liƙe ambulan, don ya zama shaida, don haka na miƙa mata a buɗe. Ta ɗora tabarau ta karanta a hankali, leɓunanta na motsi. Sai ta sauke shi.

"Ɗiyata, aiki za ki bari?"

"Karatu zan koma, Hajiya."

"Aikin da ba kwantiragi ba, na dindindin? Mutane na kwana a kan sallaya suna roƙon irinsa." Ta juya ga Goggo. "Ke kuma kina tsaye kina kallo."

"Ni ludayi na sani, Hajiya. 'Ya'yan yanzu ba sa shawara, sanarwa suke yi."

Na yi mata bayani. Na ce ina son tsofaffina, akwai wadda ba ta cin abinci sai na zauna kusa da ita, amma ina son in san abin da ya sa ake yin abin da nake yi kullum, in koyar da wasu wata rana. Hajiya ta ce hmm. Ta sa na sa hannu a gabanta, ta liƙe ambulan, ta tura shi cikin jakar hannunta tsakanin fasfo da carbi.

"Zan yi tunani a jirgi," ta ce.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Ranar Alhamis na kira ta sau bakwai, wayar a kashe. Saƙon gaggawar kuma na duba, yana wani ɗakin ajiya bai motsa ba. Goggo ta kai ni kasuwa don in manta, na tsaya ina kallon doya kamar ban taɓa ganinta ba. 

Juma'a na idar da sallar asuba, ban tashi daga wurin ba. A can Jamus rana ta kusa tsaka. Ƙarfe bakwai saura wayar ta yi ƙara, Hajiya ce, ta bidiyo. Na gan ta cikin leshi ruwan zuma da ɗaurin kallabi sai ka ce biki za ta, a bayanta kuma ga labulen ɗakin cin abinci na gidan tsofaffinmu.

"Jiya barci na yi," ta ce. "Ke kin taɓa ganin tsohuwa ta sauka daga jirgi ta kama jirgin ƙasa?"

"Hajiya, kin ba ta?"

"Tsaya mana. Na ce ba zan miƙa ba sai na ga inda za ki bari. Gidan da tsabta, ba laifi. Wani tsoho ya ce in aure shi, na ce ya biyo layi. Sun sa ni cin dankali ba gishiri ba yaji. Ashe haka kike fama."

Goggo ta leƙo ta kafaɗata tana dariya, ni kuwa na kasa. Hajiya ta ce ta ba shugabar haƙuri a madadin iyayena, don ba a barin gidan mutane haka kawai, ta kuma gaya mata cewa yarinyar tana da kai, a bar ta ta je.

Sai wayar ta juya, fuskar shugabar ta cika allon. Ta ɗaga kwafin takardata, ta kusanto da shi har na iya karanta kwanan ranar da ta rubuta a ƙasa, da sa hannunta da hatimin gidan.

"Ta iso a kan lokaci," ta ce. "Ranar ƙarshe ta Satumba kin gama da mu. Ki je ki yi rajistarki, babu abin da zai hana ki."