'Ya'yan Rana da Ba a Kira Sunansu Ba

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta makance tun kafin in yi wayo. A Salaga muke a lokacin, a tsohon gidan kakanmu mai fataucin goro. Da an sauke tuwo bayan magariba, sai mu jikoki mu zagaye murhu, mu tura guntayen doya cikin garwashi. Iya tana kan tabarmarta ta jingina da bango, hannunta na lalube a cikin ƙwaryar goro. Da yatsa kawai take gane wanda ya fara lalacewa, ta ware shi gefe.

Tana da wata al'ada da ban taɓa ganin irinta a wani gida ba. Ba ta fara tatsuniya sai an faɗa mata yadda sararin sama ya wuni. Idan ɗayanmu ya yi gaggawa ya ce, "An yi zafi, Iya," sai ta taɓe baki.

"Zafi? Ni da fatata ba ta makance ba za ka faɗa wa zafi? Kai mai ido, abin da ka gani ke nan tun safe? Tashi ka ba ni idon, ka karɓi nawa."

Mu yi ta dariya, shi kuma ya yi ta sosa ƙeya. Daga nan sai ta shiga tambaya a hankali. Da wane lokaci ka ɗaga kai? A kan me hasken ya sauka? Da za ka taɓa shi, yaya za ka ji a hannu? Da za ka lasa fa? Wata rana na ce mata hasken hantsi ya sauka a kan ganyen da ake naɗe goro, an yi ruwa da asuba, komai na sheƙi. Ta ce, "To, jiƙaƙƙen haske ke nan. Kin ga? Yanzu na gan shi." Daɗin da na ji a daren nan har yau ban manta ba.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi maimaitawa. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu amsa, "Ta zo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Wai Rana tana da 'ya'ya mata masu yawa, kowace da kamanninta. Kullum takan aiki ɗaya ta je wani gari ta haska wa mutane. Akwai siririya mai kunya da ke zuwa da jijjifi, akwai mai fara'a ta hantsi, akwai wadda ke leƙowa ta bayan hadari. Mutanen garin kuwa ba sa ɗaga kai. Kowacce ta zo, sai su ce, "Haske ya zo." Yarinya ta koma gida tana kuka, ta ce wa uwarta, "Na wuni a kansu, ba wanda ya san ni ce." Washegari ta ƙi fita. Haka suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage babbar, mai zafin rai, wadda ba ruwanta da a kira ta ko kada a kira. Ita ta riƙa wuni a kan garin, rijiyoyi suka ƙafe, doya ta ƙone a cikin kunya. Ran nan autar ta saci jiki ta zo bayan la'asar. Wata tsohuwa mai tsintar goro ta dube ta, ta ce, "Sannu, Daushe." Daushe shi ne goron bara da ya kwana, ɗacinsa ya kwanta, ya yi garɗi. Auta ta ji daɗin sunan, shi ya sa har yau take zuwa da yamma.

Na taɓa tambaya, "Iya, sauran fa? Sun dawo?"

Ta ce, "Wa ya kira su, ƙawata? Ci doyarki, ta ƙone."

Aure ya kawo ni Bawku, na zauna a zango, unguwar masu jin Hausa. Nan na haihu, nan na yi ta sayar da hatsi, nan kuma na shiga ajin manya da wata malama ta buɗe a unguwarmu, na koyi karatu da rubutun Hausa da furfura a kaina. 'Yata ta uku, Rabi, ita ta yi zurfi a boko. Tana koyarwa a Yendi. Ta daɗe tana rubuta wani dogon labari a kan wata mata ta zamanin fataken goro, kuma ta yi mini alkawarin da Hausa za ta rubuta, don in karanta da idona.

Wata ranar damina ta kira ni a waya, muryarta a mace.

"Mma, na gaji. Duk shafin da na buɗe, rana mai zafi, iska mai sanyi, dare mai duhu, haske mai kyau. Ni kaina ina hamma. Da Turanci ina da kalmomi kamar ƙasa. Hausarmu ta zango ba ta da komai, sai ta ciniki."

Na ce, "Yi haƙuri, 'yata. Karanta mini wurin."

Ta karanta. Matar tana tsaye a bakin rijiya, tana jiran ayarin mijinta da aka daɗe ba labari. Rabi ta rubuta cewa rana mai zafi tana dukanta.

Na ce, "Wane lokaci ne?"

"Da rana dai."

"Rana tana da tsawo. Hantsi ne, ko ta take tsaka, ko ta karkata? Bazara ce ko marka?"

Ta ce bazara ce, gab da azahar, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Na ce to, mace mai jira ba zafi take gani ba. Na ba ta "daskararren zafi", irin wanda ko ganye ba ya motsi, kamar man kaɗanya da ya sandare a ƙwarya. Ta ce daskarewa ai ta sanyi ce. Na ce shi ya sa mai karatu zai tsaya, amma ta faɗe shi da ƙarfi ta ji ko kunne zai karɓa. Ta maimaita shi a bakinta, ta ce ya zauna.

Muka ci gaba. Na ce "hadari mai rowa", mai nuna ruwa ya hana. Ta karɓa da murna, domin matar ma nuna mata ake yi ana hana ta. Na ce "hadari mai ciki" don wani wuri da ruwa ke shirin sauka. Ta ce a'a, a wannan babin matar ba ta daɗe da yin ɓari ba, kalmar za ta ja hankali inda ba ta nufa ba. Na ce ta yi gaskiya, a bar shi. Ta so ta jera "siririn, kodaɗɗen, gajiyayyen haske" don asubar da labarin mutuwar mijin ya iso. Na ce ta zaɓi ɗaya, uku suna danne juna. Wa ke kallo? Mace da ba ta runtsa ba. Ta ɗauki "gajiyayye". Don sanyin da ke biyo bayan ruwan farko, muka gwada "mai daɗi", muka yar, muka tsaya a kan "ɗanyen sanyi", saboda ƙanshin ƙasa da ke cikinsa.

Sai na buɗe mata tsofaffin kalmomin Iya: lumshi, idan gajimare ya rufe rana ba ruwa ba zafi, tsattsafi, ruwan da bai kai yayyafi ba, sama ta yi garau, gari ya yi dishi-dishi kafin almuru. Na ba ta daushe, na ba ta tatsuniyar gaba ɗaya. Na ji ta tana dariya kamar tana yarinya. Ta ce, "Mma, ashe dukiya kike zaune a kai!"

Na yi makonni ina tafiya kasuwa kaina a sama. Ina auna masara ina tunanin sunan hasken da ya faɗo kan buhu. A nan na gane abin da ya ɓace mini. Iya tana da suna don hasken da ke fitowa ana tsakiyar ruwa, tana da na jan da ke kwanciya a kan bango bayan rana ta faɗi. Na san tana da su, na ji su da kunnena. Na lalubi kaina ban same su ba. Na tambayi yayana da ya rage a Salaga, ya ce, "Wai har yanzu kina tuna wannan wasan?"

Bayan girbi Rabi ta zo hutu. Tun daga yadda ta zauna a bakin gado na san akwai magana.

"Mma, na karanta wa abokaina malamai, 'yan zango irina. Sun so daskararren zafi, sun so hadari mai rowa. Amma lumshi, tsattsafi, daushe, ba wanda ya sani. Ɗaya ya ce ko Dagbanci ne, yaren mutanen Yendi. Na karanta wa ɗalibaina, suka zuba mini ido. Idan sai na tsaya na bayyana kowace kalma, labarin ya mutu."

"To ki bar masu wuyar, ki riƙe waɗanda suka gane."

"Na gwada. Ke kike samo su, Mma, ni ba na iyawa. In na dubi sama, da Turanci take zuwa mini. Ba zan kira ki a kan kowane shafi ba."

Ban yi mata faɗa ba. Me ta yi? Mu muka kai ta makaranta, mu kuma muka yi mata magana da Hausar gishiri da kuɗin mota. A gidana ban taɓa tsayar da yaro na ce ya faɗa mini yadda sama ta wuni ba. Ina da ido, ban bukaci kowa ya gane mini ba.

Ta gama littafin da Turanci. Ta kawo mini shi an buga, da sunana a shafin farko, sunan kaɗai na iya karantawa. Na ce ta buɗe wani wuri inda matar take kallon sama ta karanta mini. Ta karanta, muryarta na hawa tana sauka, da daɗin ji. Na ce, "Wane irin haske ne a nan?" Ta buɗe baki, ta dubi shafin, ta dube ni. Ta ce, "Mma, akwai shi a nan. Ban san yadda zan kawo miki shi ba."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga malalata, cewa wanda ya ɗaga kai ya duba zai sami suna. Yanzu na ga dubawa kaɗai ba ta isa ba. Sunan yana bukatar wanda zai ji shi ya gane, in ba haka ba a bakin mai shi yake ƙarewa. Rabi ta duba, ta gani, ta sa suna a harshen da ba na ji. Ni ina riƙe da ragowar nawa, masu jin su sun ƙare.

Littafin yana cikin akwatina, naɗe a sabon zane. Idan baƙi suka zo nakan fito da shi su gani. Sukan tambaye ni ko ya yi daɗi, in ce musu haka aka ce.