Baitin Gidanmu

An ƙone Tungar Gawo ranar Asabar, bayan girbi. Ni Sama'ila na tsira. Ƙanena Idi ne ban san inda ya yi ba.

Da safe ya ɗaura wa shanu amalanke, zai kai gero Illela. Shekarun nan masu bindiga na tare hanya. Muna da ƙarfen hannu na babanmu, na tsari. A hannuna yake zama, ni ne babba, amma wanda zai yi tafiya shi ke sa shi. Na cire na ba shi a zaure, ba wanda ya gani.

Hantsi ya ɗaga, Idi bai kai ga tashi ba, mata na daka. Na ji mota ta tsaya bakin rijiya. Tabare suka yi shiru. Sai harbi. Wani ya yi ihu, "Ku kwanta!" Ba wanda ya kwanta. Muka ruga cikin karan dawa, Idi na bayana. Harsashi ya same ni a cinya. Da na waiga ban gan shi ba, hayaƙi kawai.

Na ja jiki cikin kwari har la'asar. Washegari motar siminti ta tsince ni bakin kwalta, ta kai ni gidan likita a Konni. Na daɗe kwance. Mutanen tunga sun watse. Wani ya ce an ga ɗaya daga cikinmu ya yi kudu, na ɗauka Idi ne. Da na fara takawa na riƙa zama tasha, ina duba masu dawowa daga Najeriya.

A teburin mai shayi na ji wani kaset, waƙar ƙone tungarmu. Murya ce kawai, ba kiɗa.

Ran Asabar hantsi na ɗagawa,
Mata ga hatsi suna dakawa,
Sai ga mota tana tahowa,
Ba ta tsaya ba sai bakin rijiya.

Ban yi lakwal ba, wato boko, amma na gane tafiyar waƙar. Layi uku su faɗi da sauti ɗaya, na huɗu ya koma kan "ya", kowane baiti haka. Ba ado, ba zagi. Gida guda baiti guda, daga gabas, yadda gidajen suke jere. Ukun su faɗi abin da mutum ya yi, na huɗu ya faɗi ƙarshensa. Ta wuce gidan liman. Ta wuce gidan Maƙera. Na ajiye kofi.

Sama'ila ya koma ga shanunshi,
Wuta ta ci rumbu ta same shi,
Da ƙarfen hannu aka gane shi,
An kai shi, ba mata, ba ɗiya.

Masu shan shayi suka kama layin ƙarshe tare. Ni na dubi hannuna.

Mai waƙar tela ne a kasuwar Illela, Malam Bube. Yana cikin waɗanda suka je suka yi sutura. Na tsaya gaban kekensa na ce, "Ni ne Sama'ila." Ƙafarsa ta tsaya. Na gaya masa wanda ke sanye da ƙarfen.

Ya ce, "Ɗana, na binne mutum da sunan wani."

"A gyara, Baba."

Ya gwada da Idi, yana buga gwiwa da yatsa. Ya girgiza kai. "Sunan ya yi gajere, layin na ɗingishi. Masu rerawa za su maido naka don baki ya cika. Me kuke ce mai a gida?"

Mun daina faɗinsa tun rasuwar uwarmu. Na ce, "Idin Inna."

Ya buga sau huɗu. Sunan ya zauna daidai inda nawa yake. Layi na uku ya mai da shi, "Da ƙarfen wanshi aka binne shi." Na huɗu ya ce ba ya taɓuwa, shi ke riƙe da waƙar. Na ce a bar shi, Idi ma bai yi aure ba.

Ya so ya ƙara mini baiti, na wanda ya tsira. Na ce a'a, gidanmu ya samu nasa.

A kasuwa da sabon yake rerawa. Kaset kuwa ya riga ya fita, ba mai kiran sa ya dawo.

Abin da gidanmu ya rasa: rumbu biyu, shanu biyu, amalanke, ƙarfen babanmu, Idi.

Yanzu ina Malbaza, ina lodin siminti. Direbobi na sa tsohon kaset. In an zo baitinmu nakan sauke buhu, in faɗi sunan Idi, in ɗauka.