Ranar da aka tambayi Inna ɗan waye Yaya

Da mahaifinmu ya rasu, aka zo rabon abin da ya bari a asusun fanshonsa, sai aka ce kowane magaji ya kawo takardar haihuwa. Mu ƙanana muka miƙa namu. Yaya, babban wanmu, ba shi da ita, ga shi har ya fara furfura.

Shi ɗan fari ne. Gidanmu kuwa, ko da yake mun daɗe da barin kiwo mun zauna a Haɗeja, ba mu bar kunyar ɗan fari ba. Ana yaye shi aka kai shi garin Malam Madori wurin baffanmu, wan mahaifinmu. Can aka sa shi makaranta, kuma sunan Baffa aka rubuta masa a gurbin uba. A takarda dai ɗan baffanmu ne, kuma ɗan baffa ba ya gado inda ƴaƴa maza suke.

A ofishin ƙidaya aka ce wanda ya manyanta ba a yi masa rajista irin ta jarirai. Sai wani babba da ya san haihuwarsa ya yi rantsuwa a kotu, sannan a ba shi takardar shaida. Baffa ya rasu. Saura Inna, mahaifiyarmu. Muka kai ta kotu.

Magatakardan kotun ya daɗe yana duban satifiket ɗin firamaren Yaya.

"Malam, in aka yi mutuwa mai fansho, ƴaƴa tsiro suke yi kamar kainuwa. Hajiya, wannan ɗanki ne?"

Inna ta juya fuska wajen taga. "Na mutanen Malam Madori ne."

"Ƴaƴa nawa kika haifa?"

Ta lissafa mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake shi. Na yi ta bayanin al'ada kamar mai koyarwa a aji, magatakarda na kallona kamar Yaya ya yi mini alkawarin kaso a rabonsa. Har autanmu, wanda bai taɓa jin Baba ya kira Yaya ɗansa ba, ya raɗa mini: "Anya kuwa?" Yaya ya ji. Ya cire hula yana duba cikinta.

"Hajiya, ni abin da baki ya faɗa nake rubutawa," in ji magatakarda. "In kin yi shiru, ya fita daga gado."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Shekarar da ruwa ya cinye mana gero ne, a ɗakin uwata. Wanda ya rasu ɗin nan, mai fanshon, shi ya yanka ragon suna. Ni aka yi wa wankan jego. Sauran ka tambayi mai sunan, ai yana da baki."

Magatakarda ya rubuta, ya karanta mata har da sunan Yaya da na Baba. Ba ta ce a'a ba. Da ya nemi ta rantse, ta rantse, ta dangwala yatsa.

Yaya ya yi tasa rantsuwar ta gyaran suna, aka buga a jarida, ofishin ƙidaya ya ba shi takarda, sunansa ya shiga cikin magada.

Da muka fito daga kotun ran nan, Yaya ya tare wa Inna Keke Napep. Ta bar shi ya wuce, ta hau na baya.