Shirun Hanne ta Gafasa

Hanne ta Gafasa wajen kunyar ɗan fari ba ta da na biyu. Ko sunan Mudassir aka ambata sai ta nemi ramin ɓuya. Da ya koma Legas, in ya kira tana jin sa raɗau, shi ba ya jin ta. Ta canza waya, duk ɗaya.

Ta sa maƙwabcinta ya rubuta wa kamfanin layin wasiƙa, da lambarta da lokutan kiran. "Malam, gaya musu shirun da nake masa nawa ne, ban nemi su taya ni ba!"

Kamfani ya ce ana bincike. Mudassir ya ɗauka kunyar ce, ya daina kira kada ya takura ta. Ita kuwa ta aika masa bayani? Ina! Kullum dai wayar na cike da caji.