Abin da Na Ji a Bayan Baba

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakata ta wajen uba Bafillatana ce, ita ta raine ni a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, ita kuma ta dasa wa Baba kunyar ɗan fari har ta yi masa yawa. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son magana da ni sai ya kalli bango ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ta ci abinci," alhali ga ni a gabansa. Da ina ƙarama abin na ƙona min rai, wallahi. Daga baya na saba.

Shekarar da na gama karatun aji a makarantar likitanci, ana shirin fara kai mu asibiti, sai malamanmu suka shiga yajin aiki. Na dawo gida da sabon abin sauraron ƙirji wanda ban taɓa ɗora shi a jikin mara lafiya ba. Na tarar an kwantar da Baba a asibitin gari. Inna ta ce asmarsa ce ta tashi. Haka kowa ke kiranta, tunda ya daɗe yana tari da haki, yana sayen abin fesawa a kemis. Tun yana saurayi yake aiki a injin casar shinkafa, kullum ya dawo gemunsa fari fat da ƙura.

Na je na roƙi likitan asibitin ya bar ni in riƙa bin sa zagayen safe. Ban ce masa mahaifina na ɗakin maza ba. Ni ma ai jikar Bafillatanar nan ce, kunyar ba ta bar ni ba.

Likitan dogo ne, mai saurin magana, mai son koyarwa kamar ya buɗe kan mutum ya zuba. Gadon farko wani saurayi ne tela, yana zaune ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka.

"'Yar makaranta, zo. Abin wuyan nan na ado ne?"

Na sa shi a kunne a juye. Ya cire ya gyara min, bakin ya kalli gaba, wata nas ta kau da kai tana dariya. Na ɗora a kan rigar telan, ya ce, "Riga za ki duba ko mutum? Ƙarar yadi za ta yaudare ki. A kan fata ake sawa, ya buɗe baki ya yi numfashi, ki ji dama, ki ji hagu a daidai wurin, sannan ki sauka."

Na yi. Sai na ji shi: fito siriri, mai tsawo, duk lokacin da ya fitar da iska, ko'ina na ɗora yana nan. Na ɗago ido ina murmushi kamar an yi min albishir.

"Kin ji ko? Hanyoyin iska ne suka tsuke, iska na matsawa ta wuce. Wannan ita ce asma. Buɗe hanyar za mu yi."

Aka jona masa injin shaƙa, tururin magani na fita. Kafin mu gama da gadaje na gaba numfashinsa ya lafa, har yana tambayar a kawo masa koko. Zuciyata ta yi fari tas. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi, yau Baba zai samu kansa.

Gadon Baba na can ƙarshe, kusa da taga. Ƙanensa, Baffa, na zaune a tabarma. Baba ya hango ni cikin farar riga, ya mayar da kai wajen taga. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗan ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

"Baba, sannu da jiki," in ji likita. "Ga ɗaliba za ta saurari bayanka. A ɗaga riga."

Ban taɓa ganin bayan mahaifina ba sai ranar. Haƙarƙarinsa duk a waje. Na ɗora a sama, ina jiran fito. Babu. Na matsa ɗaya gefen. Babu. Na sauka ƙasa, can wajen gindin huhu, ya ja numfashi, daf da ƙarshen jan sai na ji wani abu daban: ƙaras-ƙaras-ƙaras, ƙanana, busassu, masu yawa.

"Me kika ji?"

"Ba fito ba ne," na ce.

"Madalla! Kama silin gashi ki murza kusa da kunnenki, shi ne wannan. Baba, yi tari. To, sake ji. Ya tafi?"

Bai tafi ba. Dama da hagu, yana nan daram.

Likita ya juya harshe zuwa Turanci, yadda suke yi a gaban mara lafiya, yana murna ya samu abin koyarwa. Ya ce wannan ƙarar ƙananan hanyoyin iska ce da suka manne, suna ɓallewa in iska ta shiga. Ya ce ana jin irinta in ruwa ya taru saboda ciwon zuciya, ko a ciwon sanyin huhu, amma wannan ba zazzaɓi, ƙafa ba kumburi, zuciya lafiya. Ya kama hannun Baba ya nuna min yadda kan yatsun ya yi ƙulu-ƙulu, farcen ya lanƙwashe. Yatsun da na sani tun ina yarinya, na ɗauka halittarsa ce. Ya ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga, ƙasan huhun duk zane-zane kamar raga.

"Huhun ne ya yi tabo, ya ƙandare. Mai yiwuwa ƙurar injin ce. Bai taɓa yin asma ba. Zan tura shi Kano a tabbatar, amma tabo ba ya komawa. Oksijin ne kawai zai rage masa wahala. Ki sake ji da kyau, ba kullum za ki samu mai fita sarai haka ba."

Innalillahi. Na sake ɗorawa, don ba ni da bakin cewa a'a. Na tsaya ina jin huhun ubana, hawaye na taruwa, ina haɗiye su. Ban ga laifin likitan ba. Mu muka ɓoye masa, ni da Baba, kowa na kare kunyarsa. Amma na ji haushin al'adar nan a ranar kamar in yi ihu.

Na bi zagayen har ƙarshe, ban san me aka faɗa ba. Da aka watse na koma na durƙusa a gefen gadon. Baba na kallon bango. Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya yi magana, kuma da Baffa yake.

"Na ga an sa wa telan can injin, ya warware. A tambayi likitar nan, ni ma irin nasa ne?"

Baffa ya kalle ni. Na so in yi ƙarya, Allah ya sani na so.

"Ba irinsa ba ne, Baba."

"Injin ba zai yi min ba ke nan."

"Ba zai yi ba."

Ina jin hakinsa ko babu abin sauraro.

"A tambaye ta, da kunnenta ta ji, ko likitan ne ya faɗa mata?"

"Da kunnena na ji, Baba. Kafin ya faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali, har yanzu fuskarsa na bango.

"To alhamdulillahi," ya ce. "Karatu ya yi."

Baba bai kai girbin shinkafa na shekarar da ta biyo baya ba.