Gaisuwar da Abdurrahim Ya Ƙi Yankewa

Abdurrahim abokina ne tun muna yara a Limawa. Keke Napep yake tuƙawa da safe, da rana ya tafi makaranta nan Dutse koyon shirya fim. Mutum ne da ba ya wuce babba sai ya durƙusa, ko da fasinja na ta masifa a baya.

A shekararsa ta ƙarshe aka ba su aikin fim na minti goma. Malamarsu ta ce minti biyu na farko na gabatar da mutum ne da abin da yake nema, wajen tsakiya labari ya juya, biyun ƙarshe a rufe. Goma na cika za ta kashe na'ura, wanda ba a ga ƙarshen nasa ba kuwa sai ya maimaita shekara. Abdurrahim ba shi da halin maimaitawa.

Labarinsa na wani ne da ya dawo ƙauye bayan doguwar tafiya, mahaifiyarsa ta kasa gane shi. Shi ya fito a matafiyin, ni na riƙe masa kyamara a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Da aka haɗa, fim ya kai minti goma sha uku, domin matafiyin ya tsaya gaida dattawa uku a hanya, na farkonsu Baffa Lado. Sai a minti na takwas yake isa ƙofar uwar.

Nuriyya, 'yar ajinsu mai taya shi tacewa, ta ce, "Malam Ladabi, cire gaisuwar nan. Fim kake yi ko zagayen Sallah?"

Ya ce, "In katse Baffa Lado yana magana? Allah ya kiyaye."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Can ya ce, "To a cire tawa."

A gabana ya bi ya yanke duk inda yake amsawa, da duk inda fuskarsa ta fito a hanya. Fim ya dawo goma cif, ƙofar uwar ta faɗo a minti na biyar. Muka yi dariya. Bayan haka zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba.

Ranar nunawa na je, na zauna a baya. Da aka haska fim ɗin, Baffa Lado ya cika bango, yana kallonmu.

"Maraba. Ina gajiya?" Ba amsa.

"Ya ka baro su can?" Ba amsa. Tsohon ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya ce, "Madalla."

Ba wanda ya motsa a ajin. Da aka zo ƙofa, tsohuwar ta leƙo ta ce, "Wa ke nan?" Nuriyya ta tashi ta fita.

Malama na riƙe da agogo, amma ba ta duba shi ba har fim ya ƙare da kansa. Ta kira sunansa cikin waɗanda suka ci.

Allah ya jiƙanka, Abdurrahim, ya sa ka tarar da masu yi maka maraba.