Gashin Inna a Lababo

Shekarar da babanmu ya rasu, Inna na fita takaba na aika a ɗauko min ita daga Meiganga. Mu lokacin muna Garwa, a gidan gwamnati, maigidana yana shugabantar masu gyaran famfo na gidajen ma'aikata. Ni ce autarta. Niyyata ta yi damina a wurinmu, in ta saba kuma ta zauna gaba ɗaya.

A banɗakinmu akwai farin kwanon wanke fuska manne a bango, wanda muke ce wa lababo. Bayan famfonsa akwai ɗan ƙarfe: in ka ja shi sama murfin ramin ya rufe, ruwa ya taru, in ka danna shi murfin ya ɗaga. Inna ta so abin nan, don gwiwarta ba ta son tsuguno. A nan take wanke kai, a nan take tajewa.

Bayan 'yan makonni ruwa ya fara wucewa da ƙyar. Wannan na iya, maigida ya koya min. Na danna ƙarfen, na kama murfin da yatsu na zaro shi gaba ɗaya. Gashi ya nannaɗe ƙafarsa, ya cakuɗe da sabulu, duk furfura. Na warware, na lanƙwasa waya na zura cikin ramin, na jawo sauran da ya maƙale a bakin sandar da ke tura murfin. Na wanke, na mayar, ruwa ya wuce. Ban gaya wa kowa ba.

Abin da ban duba ba shi ne wata 'yar tsaga da ke jikin kwanon daga sama, ƙasan famfo kaɗan.

Wata safiya aka ɗauke ruwa. Inna ta rufe murfin, ta murɗa famfo, ba ko ɗigo, ta fito ta bar shi haka. Muna can bayan gida muna gyaran zogale ruwan ya dawo. Ko da muka shigo ya malale banɗaki, ya bi ƙofa har falo, ya jiƙe darduma.

Da azahar maigida ya dawo. Ya tsaya yana kallon kwanon.

“Famfon ba a buɗe shi da yawa ba,” ya ce. “Bai kamata ya zuba ba. Tsagar nan aikinta ke nan. Akwai hanya a cikin jikin kwanon, tana sauka ta haɗu da bututu ƙasan murfi. Ko murfi na rufe, in ruwa ya kai nan sai ya bi ta ciki ya tafi.”

Ya karɓi wayar nan da na lanƙwasa ya zura a tsagar. Ya jawo dunƙulen gashi, an murza shi tsaf kamar ƙwallon auduga. Ya sake zurawa, wani ya fito, sai wani. Da ya ga farinsu ya gane na waye, hannunsa ya tsaya.

Inna tana bakin ƙofa, ba mu ji zuwanta ba. Tun da ta zo ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ko gaisuwa daga bayan labule suke yi, ɗankwalinta kuma bai taɓa zamewa ba. Ga shi yau gashin kanta a tafin hannun surukinta.

Ta ja mayafi ta koma ɗaki. Na bi ta.

“Auta, na ɗauka ramin ajiya ne,” ta ce, ba ta dube ni ba. “A gida cikin tsagar katanga nake cusawa. Gashin mutum ba a yar da shi a bola.”

“Inna, ba komai. Ruwa ne, ya bushe.”

Maigida ya wanke gashin da kansa, ya naɗe a farin ƙyalle, ya ba ni. Ya tsaya a bayan labule ya ce, “Ki gaya wa Inna gidan nan nata ne. Kowa ya ga ramin nan haka zai zata.” Ta amsa da “Allah ya yi albarka,” ta karɓi ƙyallen, ta sa cikin kayanta.

Daga ranar ba ta ƙara shiga banɗakin ba. Da buta take zagayawa bayan gida, tana dafa bango saboda gwiwa. In ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta rufe ƙofa. Ba a yi mako ba ta ce tana son ta je ta duba awakinta. Na roƙe ta, na yi kuka, shi ma ya sa limamin unguwa ya yi mata magana. Ta saurara cikin ladabi, ta ci gaba da ɗaure kaya.

A tasha ta riƙe hannuna ta ce, “Mijinki mutumin kirki ne. Ki riƙe shi.”

Na sha aikawa ina roƙon ta dawo, kullum amsar ita ce sai bayan girbi. Na haifi ɗana na biyu, ta aiko da zani da man shanu, ba ta zo ba. Kafin mu yaye shi mu kai mata, aka aiko mana ta rasu.